Yadda ake ɗora sunayen Larabci a kan hoton taswira ko zanen gini ba tare da an rufe alamomi da awo ba

Wanda duk ya taɓa karɓar aikin nan ya san fassarar ba ita ce wahalar ba, wahalar ita ce wurin da za ka ajiye kalmar. An turo maka hoton zanen gini da aka ɗauka da waya, an ce a saka sunayen ɗakuna da Larabci, ka fassara komai tsaf cikin minti ashirin, sai ka zo ɗorawa ka tarar duk inda ka ajiye kalma akwai abu a ƙarƙashinta, ko lambar awo, ko bakan da ke nuna inda ƙofa take buɗewa, ko alamar abin kashe gobara. Ni abin da na tsaya a kai shi ne, kafin in ɗora kalma ko ɗaya sai na fara shata wuraren da ba a taɓawa, sannan kalmomin su nemi wuri a abin da ya rage. Zan bi aikin da misali ɗaya daga farko har ƙarshe: zanen bene ɗaya na wani ƙaramin asibiti, a takardar A3, sikeli 1:100, da sunaye 23 da za a saka da Larabci. Kayan aikin GIMP da Inkscape ne, duk kyauta suke, amma tsarin ɗaya ne ko da wata manhaja kake aiki.

Da farko miƙe hoton

Hoton waya kusan kullum a karkace yake, gefen da ke kusa da kyamara ya fi na nesa faɗi, toh in ka ɗora rubutu a haka layukan bango suna gangarawa rubutunka yana tsaye, kuma mafi muni awon gefe ɗaya ba zai yi daidai da na ɗaya gefen ba. In kana da damar sake ɗaukan hoton ka shimfiɗa takardar, ka ja baya ka ɗan yi zumin maimakon ka matso kusa, ka kashe filasha in takardar tana cikin gilashi ko leda, kuma ka tabbata kusurwoyi huɗun takardar duk sun fito.

A GIMP ka buɗe hoton ka danna Shift+P, wato Perspective. A zaɓin kayan aikin ka mayar da Direction zuwa Corrective (Backward), sai ka ja kusurwoyi huɗun ka ɗora kowacce daidai kan kusurwar takardar, ka danna Transform. Nan akwai abin da mutane da yawa suke tsallakewa: hoton ya miƙe amma ya ɗauki siffar hoton waya ne ba siffar takarda ba, don haka ɗakuna za su iya fitowa a ɗan matse ko a ɗan buɗe. A3 milimita 420 ne da 297, don haka ka je Image > Scale Image, ka cire sarƙar da ke haɗa tsawo da faɗi, ka saka 4200 da 2970. Yanzu kowace milimita ɗaya fiksel 10 ce, lissafi ya yi sauƙi.

Kar ka yarda da ido, gwada. A sikelin 1:100 mita ɗaya a gini santimita ɗaya ce a takarda. A zanen namu akwai bango da aka rubuta 12.0 a kwance da wani 8.0 a tsaye, kenan na farko ya kamata ya ba ka fiksel 1200, na biyu 800. In ka samu 1195 da 803 ka wuce, wannan bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. In kuwa ka samu 1200 da 740 to kusurwoyin ba su zauna ba, koma ka sake. Dole a auna biyu, kwance da tsaye, guda ɗaya ba ya nuna matsewa.

Shata wuraren da ba a taɓawa

Buɗe Inkscape, a Document Properties ka sa shafin 420 da 297 mm, ka shigo da hoton ka sa faɗinsa 420 mm. Leyar da hoton ya zauna a kai, wato shimfiɗar da ake iya kunnawa ko kashewa ita kaɗai, ka sa mata suna hoto ka kulle ta, daga nan har ƙarshe ba a sake taɓa ta. Ka ƙara leya biyu a sama, ɗaya haram ɗaya larabci.

A leyar haram za ka bi zanen gaba ɗaya kana shafa ja mai haske-haske, yadda kana ganin abin da ke ƙasa, a kan duk abin da bai kamata a rufe ba. Lambobin awo tare da layinsu da ƴan gajerun sandunan da ke bakin layin, don lamba ba tare da an ga daga ina zuwa ina ta auna ba bata da amfani. Bakan ƙofa gaba ɗayansa ba bakin ƙofar kawai ba. Matakala da kibiyarta mai nuna hawa. Kibiyar arewa, sandar sikeli, akwatin bayanin alamomi, lambobin ɗakuna, alamomin kashe gobara da koren layin hanyar fita. In taswirar gari ce ko ta daji sai ka ƙara mahaɗar hanyoyi, gada, lambobin nisa da ke gefen titi da lambobin tsayin ƙasa. Kowane ja ka bar shi ya wuce abin da yake karewa da kamar milimita ɗaya ta ko'ina.

Kana yi kana ƙirgawa, ka rubuta a gefe. A namu ya kama lambobin awo 31, ƙofofi 19, alamomin gobara da fita 9. Wannan ƙirgen da shi za ka duba aikin a ƙarshe. Eh yana cin lokaci, wajen rabin awa, amma da ka gama za ka ga farin da ya rage shi ne filinka na gaskiya, kuma yawanci bai kai yadda ka zata ba.

Sunayen asali fa? Ni ina barinsu. Mai karanta Larabci zai tambayi ma'aikacin da bai iya Larabci ba, su biyun suna kallon takarda ɗaya, kowa ya ga nasa. In mai aikin ya dage a goge su to a rufe kalmar kaɗai, lambar ɗaki da awon da ke ƙarƙashinta su tsaya.

Rubutun Larabcin kansa

Kafin ka rubuta 23 rubuta ɗaya ka duba. Ɗauki Text tool, zaɓi Noto Sans Arabic ko wani salon rubutu mai kauri daidai wanda ba shi da siraran layuka, ka sa alkiblar rubutu daga dama zuwa hagu a sandar sama, ka rubuta مخرج الطوارئ wato ƙofar fita ta gaggawa. Abu biyu za ka duba: baƙaƙen sun haɗu da juna, kuma م tana can ƙarshen dama. In ka ga baƙaƙe a warwatse kowane yana tsaye shi kaɗai, ko kalmar ta faro daga hagu, manhajar ce ba ta sarrafa Larabci, kar ka ci gaba da ita. Wannan ya fi faruwa a ƙananan manhajojin gyaran hoto na waya, kuma wanda bai karanta Larabci ba ba zai taɓa lura ba, a idonsa rubutu ne mai kyau.

Girma shi ne inda nake da taurin kai. Ga zanen da za a buga a A3 a karanta a hannu ba na sauka ƙasa da 10 pt, kuma dalilin ɗigo ne. Dubi waɗannan biyun: مخرج mafita, مخزن sito. Baƙaƙe biyun farko ɗaya ne, na uku ɗigo ɗaya ne ya raba su, na ƙarshe ne kawai ya bambanta sosai. Ka matse su zuwa 6 pt a kan hoton da ke da ƴan ɗige-ɗigen datti, sannan layin bango ya ratsa wutsiyar kalmar, sai mutum ya nufi sito yana neman hanyar fita. Don haka in kalma ba ta shiga wuri ba ba a rage mata girma, wuri ake canza mata.

Haka kuma kar ka buɗa tazarar baƙaƙe don kalma ta cika ɗaki, haɗin zai tsinke. Kar ka jera baƙaƙe ɗaya ƙarƙashin ɗaya a korido mai tsaye, juya kalmar gaba ɗaya digiri 90, kuma duk waɗanda ka juya su fuskanci gefe ɗaya. Wasali ba a buƙatarsa a nan, yana ƙara wa kalma tsayi ne kawai. Sannan ka tuna Larabci yana da jela a ƙasa da ɗigo a sama, idan kana auna ko kalma za ta shiga, auna daga kan alif har ƙasan jelar ج, ba tsakiyar layi kawai ba.

Lambobi kuma, ka raba su da kalmomi kwata-kwata. Dalili shi ne lambobi suna tafiya daga hagu zuwa dama a cikin rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu, kuma kwamfuta tana sake jera su da kanta. Ka rubuta 3.5 × 4.2 a bayan kalmar Larabci a akwati ɗaya, a sikirin 3.5 zai koma dama 4.2 ya koma hagu, wanda ya karanta shi yadda sauran lambobin zanen suke sai ya ɗauki tsawo a matsayin faɗi. Lambar ɗaki kamar 104-B za ta iya bayyana kamar B-104. Maganin mai sauƙi ne, lambobin asali suna nan a hoton, bar su su yi aikinsu, kai kalma kawai za ka ƙara. In dole sai ka rubuta lamba yi mata akwatinta daban. Kuma ka bar ta da siffar da take a jikin ƙofar ginin, in an rubuta 105 a ƙofa kar ka mayar da ita ١٠٥ a zane, balle sifilin wannan tsarin ɗigo ne ٠ biyar kuma ٥ kamar sifili take, a kan hoto mai datti wannan neman rikici ne.

Inda kowace kalma za ta zauna

Fara da masu muhimmanci tun fili yana nan: mafita, matakala درج, sannan أنت هنا wato kana nan. Bayansu ƙananan ɗakuna masu wahala, manyan ɗakuna su zo ƙarshe tunda su ko'ina ka ajiye sun shiga. Kowace kalma ina gwada mata wuri huɗu a jere, sai na farko ya ƙi nake zuwa na biyu.

Na farko cikin ɗakin, a farin fili, ƙasa ko saman sunan asali. Ɗakin jira na zanen mita 6 ne da 5, wato milimita 60 da 50 a takarda, غرفة الانتظار ta zauna ƙarƙashin sunan asali ba gardama. Irin wannan ka daidaita rubutun a tsakiya. In suna mai kalma biyu ya yi tsawo karya shi layi biyu a tsakanin kalmomin, kalmar farko a sama, amma ba a raba kalmar Larabci guda gida biyu.

Na biyu gefen alama, ga abubuwan da ba ɗaki ba ne, kamar abin kashe gobara طفاية حريق. Nan ina fifita gefen hagu na alamar, saboda Larabci daga dama yake farawa, in kalmar tana hagu farkonta ne yake manne da alamar, ido ya tashi daga alama ya faɗa kan baƙin farko. Ka daidaita rubutun ta dama yadda in an gyara fassarar ta ƙara tsawo za ta miƙe ta yi nesa da alamar ne, ba ta hau kanta ba. In hagu a cike yake sai sama, sai ƙasa. Tazara kamar milimita ɗaya da rabi, kuma kalmar ta fi kusa da alamarta fiye da kowace alama, kar kuma ta tsallaka bango ta faɗa ɗakin maƙwabci, don za a ɗauka sunan can ne.

Na uku waje, da siririn layi mai nuni. Ga siton namu: mita 1.8 da 2.4, kenan milimita 18 da 24. A ciki akwai sunan asali, akwai awo, ga bakan ƙofa mai mita 0.9 da ya cinye milimita 9 ta kowane gefe a kusurwa ɗaya. Farin da ya rage bai wuce milimita 7 da 4 ba, kalmar kuma da ɗan filin da take buƙata a kewaye ta fi haka. Toh sai a fitar da ita. Na sa ɗan ƙaramin ɗigo a cikin farin filin siton, na ja layi mai kaurin 0.25 mm zuwa wajen ginin, na ajiye مخزن a can. Matsalar ita ce a zanen gini layukan awo suna kewaye da ginin ta waje, dole layinka ya ratsa su. Ba laifi ya ratsa, amma ya ratsa a miƙe kamar alamar tarawa, a wurin da babu lamba kuma nesa da ƴan sandunan bakin awo, in ba haka ba za a ɗauka shi ma alamar awo ne. Ka ba shi launin da babu shi a zanen, ni shuɗi mai duhu nake sawa, da rubutun da layin duka, ja da kore na gobara ne da hanyar fita ba a aronsu. Ƙarshen layin ɗigo, ba kan kibiya ba, kibiya a irin wannan zane tana nufin bi nan. Kuma layukan nuni kar su gicciye juna.

Na huɗu lamba da jadawali, in wuri ya cushe sosai. A zanen akwai banɗakuna uku da ɗakin wanki da wani ɗan lungu duk a jere, layi biyar daga wuri ɗaya zai zama kamar saƙar gizo. Sai na sa ƴan da'irori masu faɗin milimita 4 da harafi a ciki, أ ب ج د هـ, na yi jadawali a gefe. Haruffa na zaɓa ba lambobi ba don kar a haɗa su da lambar ɗaki ko awo. Amma mafita da matakala ba sa shiga jadawali ko ta halin ƙaƙa, wanda ke neman hanyar fita ba shi da lokacin duba gefen takarda.

A ƙarshe cikin 23 ɗin, 12 sun zauna a ciki, 4 a gefen alama, 2 da layi, 5 a jadawali.

In gefen takardar ba fili, ƙara shafin, kar ka rage hoton. Na ƙara milimita 40 a dama, shafin ya zama 460. Sai dai ka sani in aka buga wannan a A3 firinta za ta matse shi zuwa wajen kashi 91 cikin ɗari, kuma daga nan rubutun 1:100 ya zama ƙarya, mai ɗora rula zai samu awo ba daidai ba. Sandar sikeli ita ba ruwanta, tana raguwa tare da zanen, shi yasa ba a rufe ta ko kaɗan. In zanen ba shi da ita zana ɗaya daga bangon da ka riga ka auna, ka kuma rubuta a ƙasa da Larabci cewa a bi lambobin da aka rubuta.

Farin gefe maimakon farin akwati

Abin da ya fi ɓata irin wannan aiki shi ne farin akwati a bayan kalma. Yana sa rubutu ya fito, amma yana share duk abin da ke ƙasansa, har da bango. Abin da ya fi shi ne siririn farin gefe da ke bin jikin baƙaƙen. A Fill and Stroke ka sa Stroke fari, kauri kamar 0.6 mm, Join mai zagaye, sannan a Order ka zaɓi wanda ke sa farin a bayan rubutu. In ka manta wannan na ƙarshe farin zai hau kan baƙaƙen ya cinye ɗigo. A cikin fayil ɗin SVG, wato wanda Inkscape ke ajiye aikin a ciki, haka yake:

```
paint-order:stroke; stroke:#ffffff; stroke-width:0.6; stroke-linejoin:round; direction:rtl
```

Rabin kaurin ne yake fitowa waje, wato 0.3 mm, kuma shi ma yana rufe abu, don haka farin gefen ma kar ya taɓa ja. Amfaninsa a kan layukan tayil ne ko inuwar hoto, ba izinin hawa kan lamba ba ne.

Dubawa da fitarwa

Kunna leyar haram tare da ta larabci ka yi zumin ka bi zanen daga kusurwa zuwa kusurwa, duk inda shuɗi ya taɓa ja a matsar, banda wuraren da layin nuni ya ratsa layin awo da gangan. Sai ka kashe haram, ka riƙa kunna larabci kana kashewa da sauri, in wani baƙin abu yana ɓacewa yana dawowa to ka rufe shi. Sannan ƙirge: awo 31, ƙofofi 19, alamomi 9. In ka samu 30 kar ka ce ƙila da farko ne ka yi kuskure, nemo ta.

Ajiye SVG ɗin yadda yake don gyaran gaba. Wanda za ka tura ka yi Save a Copy zuwa PDF ka zaɓi Convert text to paths, yadda ko kwamfutar da za ta buɗe ba ta da salon rubutun baƙaƙen ba za su wargaje ba. In hoto ake so fitar da PNG, kuma a tura shi a matsayin fayil, don manhajojin hira suna matse hoto, ɗigo ne farkon abin da ke narkewa. Tabbatar leyar haram a kashe take kafin fitarwa, kuma kar wani ya juya zanen kamar madubi wai don Larabci daga dama yake, gini bai juya ba.

Daga nan buga kwafi ɗaya a girman da za a yi amfani da shi, baƙi da fari ma ya fi don a ga ko shuɗin yana rabuwa da layukan zanen, ka miƙa wa wanda ke karanta Larabci kuma bai taɓa ganin zanen ba. Kar ka ce ya duba fassara kawai, ce masa ya nuna maka sito da yatsa, ya faɗi faɗinsa, sannan ya bi hanya daga ɗakin jira zuwa mafita mafi kusa. Duk inda yatsansa ya tsaya yana jinkiri ka sa alama da biro, ka koma SVG ɗin ka matsar da wannan kalmar zuwa wuri na gaba a cikin huɗun nan, ka sake bugawa.